Dama da Hagu a Takarda Ɗaya: Yadda Kwamfuta Ke Jera Ajami da Boko

Duk wanda ya riƙe takardar naira ɗari biyar ya dube ta da kyau, zai ga rubutu iri biyu a fuskarta. Akwai na Ingilishi da haruffan boko, wanda ido ke bi daga hagu zuwa dama, akwai kuma darajar kuɗin da ajami, wanda ake farawa daga dama. A shekarar 2007 Babban Bankin Nijeriya ya cire ajamin daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 kuma aka fito da sabuwar naira ɗari ba tare da shi ba, amma manyan takardun suna nan da shi. Haɗa rubutun biyu a takarda ɗaya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa da boko a Zariya a 1939, daga baya ta riƙa fitar da 'Yar Gaskiya da ajami domin waɗanda ba su karanta boko, haka nan a shekarun 1980 kamfanin Triumph na Kano ya riƙa buga Albishir da boko, Alfijir kuwa da ajami.

Sai dai a duk waɗannan wurare kowane rubutu yana da gurbinsa, ba ya shiga gonar ɗan'uwansa. Matsala tana tasowa ne idan aka tilasta musu zama a layi ɗaya. Mai rubutu da alƙalami ba ya ma lura da ita, domin hannunsa kan auna fili, ya tsallaka gaba, ya dawo da baya, ba tare da ya yi tunani ba. Ita kuwa kwamfuta ba ta da ido, sai ƙa'ida. Wanda bai san ƙa'idar ba yana iya buga gaskiya, na'urar ta nuna masa abin da zai karanta a juye.

Makin Musa

A ɗauka akwai wani malamin Islamiyya a Dawaki, ta yankin Rano da Kibiya a kudancin Jihar Kano, da ke shirya sakamakon ƙarshen zango a jadawalin kwamfuta irin na manhajar Excel. Jadawalin nan gida-gida yake, kamar hatimi, kuma kowane gida da sunansa: layukan tsaye suna ɗauke da haruffa, na kwance suna ɗauke da lambobi, don haka gidan farko shi ne A1, na ƙarƙashinsa A2. Malamin yana son sunan kowane ɗalibi ya fito da boko saboda ofishin ilimi, ya kuma fito da ajami saboda iyayen da ajami kaɗai suke karantawa. Sai ya shiga gidan A2 ya buga abubuwa huɗu a jere: Musa da boko, Musa da haruffan Larabci, makin gwaji 45, sannan makin jarrabawa 72.

Domin kauce wa ruɗani a wannan shafi, za a bi dabarar da masana fannin ke bi: manyan haruffan boko za su tsaya a madadin haruffan Larabci. Ga abin da malamin ya buga, ga kuma abin da ya bayyana a fuskar kwamfuta:

```
An buga:      Musa MUSA 45 72
Ya bayyana:   Musa 72 45 ASUM
```

Juyewar sunan ajami daidai ce, haka ake rubuta shi, harafin mim a dama. Abin dubawa shi ne makin. Mai karanta layin daga hagu, kamar yadda kalmar farko ta gayyace shi, zai ga Musa ya ci 72 a gwaji, 45 a jarrabawa. Idan makarantar tana ba gwaji kashi 30 cikin ɗari, jarrabawa kashi 70, to jimlar Musa ta gaskiya ita ce 13.5 a tara da 50.4, wato 63.9. Wanda ya kwafi makin a juye kuwa zai sami 21.6 da 31.5, wato 53.1. Yaro ya yi asarar maki kusan goma sha ɗaya ke nan, alhali babu wanda ya yi ƙarya, kuma na'urar ba ta lalace ba.

Abin da aka ajiye da abin da aka nuna

Mabuɗin fahimtar wannan al'amari shi ne a san cewa rubutu yana da jeri biyu a cikin kwamfuta. Na farko shi ne jerin ajiya. Kowane harafi lamba ce, kuma na'urar tana tara lambobin ne bi-da-bi yadda yatsa ya danna su, na fari a fari, na ƙarshe a ƙarshe. A wannan jeri babu dama, babu hagu, sai gaba da baya, kamar 'ya'yan carbi a zare. Na biyu shi ne jerin nuni, wanda ake lissafa shi sabo duk lokacin da za a zana rubutun a fuskar kwamfuta ko a buga shi a takarda.

Tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa shi ake kira Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991. Ban da lamba, tsarin ya ba kowane harafi hali game da alƙibla, kuma ya shimfiɗa ƙa'idojin da ake bi a mayar da jerin ajiya ya zama jerin nuni. Kwamfutoci da wayoyin hannu na yau galibi waɗannan ƙa'idoji suke bi, ko da yake wasu manhajoji sukan ɗan kauce a ƙananan wurare.

Halayen haruffan sun kasu kashi uku. Akwai masu ƙarfi, waɗanda alƙiblarsu ba ta canzawa ko ina suka shiga. Haruffan boko, har da ɓ da ɗ da ƙ, kullum daga hagu suke tafiya; haruffan Larabci da na ajami kullum daga dama. Wasulan ajami, su fataha da kisira da rufu'a da ɗigon yamala, ba su da ra'ayin kansu, suna bin harafin da suke zaune a kai. Akwai kuma masu rauni, waɗanda lambobi ne manyansu. Kashi na uku su ne 'yan ba-ruwanmu: filin da ake bari tsakanin kalmomi, da alamar tambaya, da baka, da makamantansu. Waɗannan sai sun dubi maƙwabtansu kafin su san inda za su dosa.

Lambobi suna da wani hali mai ban sha'awa wanda ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Ko a rubutun Larabci, lamba mai girma a hagu take zama. Almajirin da ke rubuta arba'in da biyar a allo zai sa huɗu a hagu, biyar a dama, kamar dai ɗan boko, duk da cewa kalmomin da ke kewaye da ita daga dama suke tahowa. Saboda haka 45 ba ta taɓa komawa 54 a fuskar kwamfuta. Cikin lambar lafiya lau yake. Abin da kan juye shi ne jerin lambobi biyu ko fiye da aka raba da fili.

Yanzu sai a koma layin Musa a bi shi daki-daki. Da farko na'urar tana neman alƙiblar gidan gaba ɗaya. Idan ba a gaya mata ba, sai ta dubi harafi mai ƙarfi na farko. A nan M ce ta boko, don haka layin zai fara daga hagu. Daga nan sai ta zo kan 45, ta waiga baya tana neman harafi mai ƙarfi mafi kusa, sai ta tarar da harafin Larabci. Nan take ta ɗauki 45 a matsayin lambar da ke cikin zancen Larabci. Haka ma 72, domin idan ta waiga, fili da wata lamba kawai za ta tsallake ta sake cin karo da harafin nan. Saura filaye. Ƙa'idarsu ita ce, idan abin da ke gabansu da na bayansu sun yarda da alƙibla ɗaya, sai su bi su. Idan sun saɓa, sai su bi alƙiblar gidan. A wajen wannan hukunci, lambobin da suka biyo Larabci ana ƙirga su a ɓangaren dama. Ashe ke nan sunan ajami da 45 da 72 da filayen da ke tsakaninsu sun zama ayari guda mai tafiya daga dama zuwa hagu. Sunan ne ya fara shiga, shi ya sa ya kama gefen dama, 45 ta zauna a hagunsa, 72 ta zauna a hagun 45, har ta zo ta jingina da Musa na boko.

Idan aka duba da idon basira, na'urar ba ta yi wauta ba. Da layin duka zancen Larabci ne, jerin da ta yi shi ne daidai. Ita dai ba ta da hanyar sanin cewa a zuciyar malamin sunan ajami baƙo ne da ya ratso cikin layin boko, makin kuma na layin ne, ba na baƙon ba. Da malamin ya fara da ajami ya biyo da boko, da labari ya sha bamban: lambobin za su waiga su ga harafin boko, su bi shi, su fito 45 sannan 72 daga hagu. A rajista ɗaya, ɗalibin da aka fara sunansa da boko da wanda aka fara nasa da ajami za su iya samun makinsu a jere mabambanta.

Irin wannan hukunci yana shafar abubuwa da dama da malamai ke bugawa kullum. Idan bayan sunan sura da Larabci aka buga ayoyi 1-7, abin da zai bayyana shi ne 7-1, domin ɗan karan da ke tsakani ba ya ɗaure lambobin da suka biyo Larabci. Amma kwanan wata irin 12/5/2024 yakan tsaya yadda yake, saboda karan gicciye guda tsakanin lambobi biyu yana ɗaure su su zama abu ɗaya. Lambar waya da aka raba gida uku da filaye, ita ma gidajenta sukan juye. Jimlar Larabci kuwa, idan tana cikin gidan da ke fuskantar hagu, ayar ƙarshenta takan koma dama ta zauna a farkon zance, domin babu harafi mai ƙarfi a bayanta da za ta bi, sai alƙiblar gidan.

Gyaran da ya fi cutar muni

Abin da yawancin mutane ke yi idan suka ga 72 ta riga 45 shi ne su goge, su sake bugawa a juye, har sai ido ya ga abin da yake so. Wannan shi ne babban haɗari. A da, jerin ajiya daidai yake, nuni ne kawai ke ruɗarwa. Yanzu kuwa an gyara nuni an ɓata ajiya. Ran da aka cire sunan ajami, ko aka raba gidan kashi-kashi don yin lissafi, ko aka aika fayil ɗin wata na'ura da ta saita gidan daban, makin zai fito a juye na gaske, kuma babu wata alama da za ta nuna an taɓa shi.

Akwai hanya mai sauƙi ta tambayar na'urar abin da ta ajiye, ba abin da take nunawa ba. A wani gida na daban sai a buga:

```
=RIGHT(A2,2)
```

Ma'anar sunan wannan umarni ita ce dama, amma a haƙiƙa haruffan ƙarshe na jerin ajiya yake ɗebowa. Don haka a layin Musa zai ba da 72, duk da cewa abin da ido ke gani a dama sunan ajami ne. Idan ya ba da 45, to wani ya riga ya yi gyaran ganin ido. Haka nan takwaransa LEFT, idan aka ba shi sunan ajami zalla aka nemi harafi ɗaya, mim zai kawo, wadda ke zaune a ƙarshen dama. Waɗanda suka raɗa wa umarnan nan suna, a bayyane yake cewa boko kaɗai ke gabansu a lokacin.

Gyara na gaskiya yana da matakai uku, kuma mutane sukan rikita su da juna. Na farko shi ne alƙiblar shafin baki ɗaya. A Excel, idan an ƙara Larabci cikin harsunan manhajar, akwai maɓallin Sheet Right-to-Left a ƙarƙashin Page Layout. Danna shi yana mayar da layin A zuwa gefen dama, B ta bi shi ta hagu, kamar yadda ake buɗe littafin Larabci. Lissafi ba ya taɓuwa, A2 tana nan A2. Amma wannan jerin gidaje yake juyawa, ba shi ne maganin abin da ke cikin gidan Musa ba. Mataki na biyu shi ne jingina rubutu a bangon dama ko na hagu na gida. Wannan kuwa ado ne kawai: ya ture layin gefe guda, jerinsa na nan yadda yake. Na uku shi ne alƙiblar gidan kansa, wadda ake samu a Format Cells, sashen Alignment, a wurin da aka rubuta Text direction. Zaɓi uku ne a nan: Context, wato na'ura ta yi hasashe daga harafin farko, Left-to-Right, da Right-to-Left. Idan aka zaɓa wa gidan Musa na ƙarshen, ga abin da zai fito:

```
72 45 ASUM Musa
```

Wanda ya fara karatu daga dama zai sami komai a jerensa: Musa, sunan ajami, 45, 72. Wannan ya wadatar idan dukkan masu karanta takardar sun san daga dama za su fara. Amma jami'in da ya saba da boko, ya soma daga hagu, zai sake faɗawa ramin da aka guje wa.

Idan ana son layin ya tsaya daga hagu da makinsa a jere, akwai wani harafi da ba a gani, mai lamba 8206 a tsarin Unicode. Ba shi da siffa, ba ya cin fili, amma yana da ƙarfi irin na harafin boko. Idan aka dasa shi bayan sunan ajami, 45 za ta waiga ta gan shi, ta ɗauka zancen boko take ciki, 72 ma haka. Yana da ɗan'uwa mai lamba 8207 da ke yin irin wannan aiki ta ɓangaren dama. A ce sunan boko yana B2, na ajami yana C2, makin kuma suna D2 da E2, to ana haɗa su kamar haka a Excel na 2013 zuwa sama:

```
=B2&" "&C2&UNICHAR(8206)&" "&D2&" "&E2
```

Sakamakon zai fito Musa, sunan ajami, 45, 72, daga hagu zuwa dama. Mai karatu zai lura cewa wannan dabara ta riga ta nuna magani mafi inganci: tun farko kowane abu ya zauna a gidansa. Ƙa'idojin alƙibla ba sa tsallaka bangon gida. Lambar da ke zaune ita kaɗai a D2 ba ta da maƙwabcin da za ta waiga ta gani, kuma ana iya tara ta a raba ta. Haɗawa a layi ɗaya sai a bar shi zuwa lokacin buga katin sakamako.

Iyakar dabarar

Harafin ɓoye yana da nasa sharrin, kuma sharrin daga ɓoyuwarsa yake. Sunaye biyu za su yi kama a ido ƙwarai, amma idan ɗaya yana ɗauke da shi, na'urar ba za ta ɗauke su abu ɗaya ba, sai a nemi ɗalibi a rajista a ce babu shi. Idan kuma ya maƙale wa lamba, kamar yadda kan faru in an kwafo maki daga saƙon waya, lambar ta zama rubutu, umarnin SUM zai tsallake ta shiru, jimla ta ragu. Ana gano shi da umarnin LEN, mai ƙirga haruffa. Layin Musa, in ba a sa wasali ba, haruffa 15 ne har da filaye uku. Idan aka ga 16, akwai ɓoyayyen baƙo. Sai dai a tuna kowane wasali ma harafi ɗaya ake ƙirga shi, ajamin Hausa kuwa da wuya a rubuta shi babu wasali. Ana fitar da baƙon da wannan:

```
=SUBSTITUTE(A2,UNICHAR(8206),"")
```

Wata iyakar ita ce, dasa harafin sau ɗaya yana aiki ne ga lambobin boko kawai. Lambobin da aka saba gani a Alƙur'ani bugun ƙasashen gabas, su a kullum na zancen Larabci ne, ba sa waiwaye. Biyu daga cikinsu da fili a tsakani za su jeru daga dama ko da boko ne zagaye da su, sai an dasa harafin ɓoye a tsakaninsu ma. A 2013 Unicode ta ƙaro wasu haruffan ɓoye da ke killace baƙuwar kalma gaba da baya don kada ta shafi maƙwabta, ta kuma gyara hukuncin baka biyu don buɗewa da rufewa su riƙa tafiya tare, amma tsofaffin manhajoji ba su san da su ba.

Ya kamata kuma a bambanta ciwon alƙibla da na siffar haruffa. Ajamin Kano yana bin rubutun Warshu, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, kuma sai a 2016 waɗannan siffofi na Afirka suka sami lambobin kansu. Idan aka ga ɗan akwati fanko a madadin harafi, wannan ba rikicin dama da hagu ba ne. Samfurin haruffan da ke cikin na'urar ne ba shi da zanen. Maganinsa a sa samfurin da ke da shi, irin su Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun hannu na Kano.

Akwai tarko guda da ya keɓanta da Hausar Nijeriya. Ɗan waƙafin sama da ke farkon kalmomi irin su 'ya da 'yan da 'yar, a wurin Bahaushe rabin harafi ne, amma wanda ake samu a maɓallan kwamfuta ɗan ba-ruwanmu ne a idon na'ura. Idan yana tsakiyar kalma, kamar a jama'a, boko na gabansa boko na bayansa, babu abin da zai same shi. Amma a gidan da ke fuskantar dama, idan 'yan ta biyo bayan kalmar ajami, waƙafin ya faɗa tsakanin maƙwabta biyu masu saɓani, sai ya bi alƙiblar gidan, ya koma bayan kalmar, a ga yan' a rubuce. Unicode tana da wani waƙafin mai kama da shi, mai lamba 700, wanda aka ba shi ƙarfin harafin boko, kuma UNICHAR(700) yana fito da shi ya tsaya a gaban y ɗinsa. Hausawan Maraɗi da Damagaram ba su da wannan damuwa, domin a Jamhuriyar Nijar da harafi guda mai lanƙwasa ake rubuta sautin, wato ƴ.